Daga Ƙa'idojin Tallafi Zuwa Jadawalin Dubawa

Duk sanarwar neman tallafi tana zuwa da takardar ƙa'idoji, wadda ke faɗin wanda zai iya nema, irin aikin da za a tallafa wa, kuɗin da mai bayarwa zai yarda ya biya, da takardun da za a haɗa da buƙatar. A sanarwar da Tarayyar Turai ke fitarwa don ayyukan raya ƙasa a wajen nahiyarta, wadda ƙungiyoyin sa-kai na Najeriya da Nijar ke nema, wannan takarda kan kai shafuka masu yawa, ga kuma tarin fom da ke biye da ita. An tsara ta ne yadda ya dace da mai bayarwa, ba yadda mai nema zai yi aiki da ita ba. Sharaɗi ɗaya zai iya rabuwa gida uku: rabi a tsakiyar takarda, wani ɓangare a ƙaramin rubutun ƙasan shafi, sauran kuma a cikin samfurin yarjejeniyar da ba a cika buɗewa ba. Aikin jadawalin dubawa shi ne ya tattaro waɗannan warwatsattsun sharuɗɗa, ya mai da kowanne tambaya guda da za a amsa da i ko a'a.

Dalilin wannan wahala yana cikin yadda ake tantancewa. Kafin wani ya karanta kyawun shirin da ƙungiya ta kawo, ana fara duba ko buƙatar ta iso cikin wa'adi, ko an yi amfani da fom ɗin da aka bayar, ko kuɗin da aka nema ya faɗa tsakanin ƙarami da babban adadin da aka yanka. Wadda ta faɗi a nan an ajiye ta gefe ke nan, ko da kuwa shirinta ya fi na kowa.

Yadda ake tsamo sharuɗɗan

Ana fara sauke duk takardun sanarwar, ba ta ƙa'idoji kaɗai ba. A tsarin Tarayyar Turai ana yi musu laƙabi da haruffa: Annex A shi ne fom ɗin nema, Annex B kasafin kuɗi ne a Excel, Annex C jadawalin manufa da sakamako, Annex G kuma samfurin yarjejeniyar da za a sa wa hannu idan an dace. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa, alhali a cikin sharuɗɗansa na bai-ɗaya, a sashe na 14, aka yi cikakken bayanin kuɗin da ake karɓa. Takardar ƙa'idoji nuni kawai take yi zuwa can.

Karatun farko na fahimta ne, ba a rubuta komai. A na biyu ake ɗaukar biro. Duk jimlar da ta wajabta wani abu, ko ta hana, ko ta ambaci adadi, kwanan wata ko kaso, ana cire ta a ba ta layinta. Bayan an gama, ana iya bin takardar a kwamfuta da Ctrl+F, a nemo kalmomi irin su must, may not da ineligible, don a kamo abin da ido ya tsallake. Neman kalma ba ya maye gurbin karatu, sharar bayan gida ne kawai.

Kowane layi na jadawalin yana buƙatar gurbi biyar: sharaɗin a taƙaice, lambar sashe da shafin da ya fito, hujjar da za ta nuna an cika shi, sunan wanda aikin ke wuyansa, da ranar da zai kawo. Gurbi na biyu ya fi yadda ake zato amfani. Idan gardama ta tashi tsakanin akanta da shugaban shiri a kan ko za a iya sayen babur, ba a tsaya kan "na ji an ce" ba, sai a buɗe shafin a karanta.

Ƙa'idar rubuta layi ita ce sharaɗi ɗaya, layi ɗaya. Jimla guda a takardar ƙa'idoji za ta iya cewa mai nema ya kasance ƙungiya mai rajista, wadda ba ta neman riba, wadda aka kafa a ƙasa kaza, kuma ita ce za ta gudanar da aikin da kanta ba dillanci ba. Sharuɗɗa huɗu ke nan, kowanne da hujjarsa. In aka haɗe su a layi guda, alamar "an cika" ɗaya za ta rufe uku da aka cika da ɗaya da ba a cika ba. Haka kuma layi irin "a tabbatar kasafi ya yi daidai" ba ya aiki, domin babu wanda zai ce bai yi ba. Wanda ke aiki shi ne "kuɗin gudanarwa bai wuce kashi 7 cikin ɗari na kuɗin aiki kai-tsaye ba?"

Kuɗin da ake karɓa

A nan ne jadawalin ya fi tsawo, kuma a nan ne asara ta fi yawa. Sashe na 14 ya kafa gwaje-gwajen da kowane kuɗi zai tsallake gaba ɗaya. Dole a kashe shi a cikin lokacin aikin da yarjejeniya ta yanka, ya kasance yana cikin kasafi, aikin yana buƙatarsa, an shigar da shi littafin asusun ƙungiya ta yadda za a iya bin sawunsa, ya dace da dokar haraji da ta ƙwadago ta ƙasar, kuma farashinsa ya shiga hankali. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera layukan kasafi a gefen hagu, a jera gwaje-gwajen a sama, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin lokaci shi ya fi kama mutane. Kuɗin da aka biya ƙwararren da ya rubuta buƙatar, ko na zagayen da aka yi ƙauyuka don tattara bayanai kafin a nema, an kashe su ne tun kafin a sa hannu, don haka ba sa shiga. A ɗaya ƙarshen akwai sassauci: kuɗin rahoton ƙarshe, da na odita, da na kimanta aikin, ana karɓarsu ko da an kashe su bayan aikin ya ƙare, tunda ba za a iya yin su kafin nan ba.

Daga nan sai jerin abubuwan da aka haramta ƙarara, wanda ya kamata a kwafe shi cikin jadawali yadda yake. A ciki akwai bashi da kuɗin ruwansa, da ajiyar da ake warewa don asarar da ake tsoro nan gaba, da kuɗin da wani tallafin Tarayyar Turai ya riga ya biya, da asarar canjin kuɗi, da sayen fili ko gini sai in aikin ba zai yiwu ba sai da shi, a nan ma da sharaɗin miƙa mallakarsa idan an gama. Akwai kuma waɗanda aka hana "sai in sanarwar ta ce akasin haka", kamar ba wa mutane rance ko biyan albashin ma'aikatan gwamnati. Irin waɗannan suna buƙatar alama ta daban a jadawali, domin amsarsu ba ta cikin yarjejeniya, tana cikin sanarwar da ke hannu. Ƙungiyar da ta saba ba wa mata jari su juya su mayar dole ta duba wannan layi kafin ta gina shirinta a kai. Harajin sayen kaya ma haka yake: a bisa al'ada ana karɓarsa idan ƙungiya ta nuna ba ta da hanyar karɓo shi daga gwamnati, amma sanarwa na iya hana shi, kuma akwai takarda ta musamman a kansa, Annex J.

Asarar canji ta cancanci tsayawa. Kasafi da rahoto duka da Yuro ake yin su. Ƙungiyar da ke Maraɗi ko Zinder ba ta da fargaba sosai, saboda sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 a kan Yuro ɗaya. Naira kuwa tana hawa da sauka, musamman tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. Saboda haka jadawalin ƙungiyar Najeriya yana buƙatar layi da ke faɗin wane farashin canji yarjejeniya ta ce a bi wajen mai da naira Yuro. Hukumar Tarayyar tana wallafa nata farashin kowane wata a shafin InforEuro, kuma shi ne mafi aminci wajen ƙiyasta kasafi. Giɓin da ya fito tsakanin lissafin takarda da abin da banki ya bayar, ƙungiya ce za ta cike shi.

Sai iyakoki na kaso, guda uku. Kuɗin gudanarwa, wato na abubuwan da ba za a iya jingina su ga aiki ɗaya ba kamar ofishin hedikwata da babban akanta, ba ya wuce kashi 7 cikin ɗari na kuɗin aiki kai-tsaye. Daɗinsa shi ne da zarar an amince da kason a yarjejeniya ba a neman rasit a kansa. Tarkonsa kuma shi ne ba a yarda abu ɗaya ya fito sau biyu ba. In an sa hayar ofis a layin kai-tsaye, ba za a sake lissafa ta cikin kashi 7 ba. Kuɗin ko-ta-kwana ba ya wuce kashi 5, kuma ba a taɓa shi sai da izini a rubuce tun kafin a kashe. Na uku shi ne kason da Tarayyar za ta biya daga jimillar kuɗin aikin, wanda kowace sanarwa ke yanka nata.

Misali da lissafinsa

A ɗauka wata sanarwa ta ce tallafi zai kasance tsakanin Yuro 150,000 da 300,000, kuma Tarayyar ba za ta biya fiye da kashi 90 cikin ɗari ba. Wata ƙungiya ta shirya aikin koyar da matan karkara karatu da sana'a na shekara biyu. Daftarinta na farko ya nuna kuɗin kai-tsaye Yuro 215,000: albashi, tafiye-tafiye, kekunan ɗinki, littattafai, hayar ɗakunan karatu da sauransu.

Da aka bi daftarin da jadawali, layi biyu suka faɗi. Akwai Yuro 3,000 na wanda ya rubuta buƙatar, wanda gwajin lokaci ya kayar. Akwai kuma Yuro 12,000 na sayen fili don gina cibiyar ƙungiyar, wanda ba za a iya cewa aikin ba zai yiwu ba sai da shi, tunda ga hayar ɗakunan karatu nan a cikin kasafin. An cire 15,000, saura 200,000. Kashi 7 na wannan shi ne 14,000, kashi 5 kuma 10,000, jimilla 224,000. Kashi 90 na jimillar shi ne 201,600, kuma wannan ne iyakar abin da za a nema. Ragowar 22,400 ƙungiya ce za ta kawo, daga aljihunta ko daga wani mai tallafi da ba Tarayyar Turai ba.

Wannan 22,400 ɗin yana buƙatar layinsa, da tambayar daga ina zai fito. Yawanci akan yi zaton za a cike shi da kyautar da aka samu, misali ɗakin taro da mai gari ya bayar ko motar wani mamba. Gudummawar kaya irin wannan ba a lissafa ta cikin kuɗin da ake karɓa, domin ƙungiya ba ta kashe komai ba. Wasu sanarwoyi suna yarda a lissafa aikin 'yan sa-kai bisa farashin da aka ƙayyade, wasu ba sa yarda. Albashin ma'aikacin ƙungiya da aka ɗora a kan aikin kuwa kuɗi ne na gaske, yana shiga, muddin akwai takardar biyan albashi da ta lokutan aiki.

Da a ce layukan biyu sun zille har aka kashe kuɗin, me zai faru? Kasancewar abu a cikin kasafi ba ya halatta shi. Sharaɗi ɗaya ne kawai cikin shida. A tallafin da ya haura Yuro 100,000, odita mai zaman kansa yana tantance abin da aka kashe kafin a biya cikon ƙarshe. In ya soke 15,000, kashi 7 da aka ɗora a kansa, wato 1,050, shi ma ya tafi. Kashi 90 na 16,050 shi ne 14,445, kuma wannan za a zabtare daga cikon ko a nemi a mayar, a lokacin da filin ya riga ya zama na ƙungiya, kuɗin kuma ya daɗe da barin asusu.

Akwai wani lissafi da ke ɗaure matakai biyu na nema. A sanarwa da yawa ana fara miƙa taƙaitaccen bayani, sai waɗanda suka tsallake a gayyace su su kawo cikakkiyar buƙata. Kuɗin da aka nema a mataki na biyu ba zai bambanta da na farko da fiye da kashi 20 cikin ɗari ba. In ƙungiyar ta ambaci 180,000 a taƙaitaccen bayaninta, rufinta 216,000 ne, don haka 201,600 ya shiga. Da 160,000 ta rubuta, da rufin ya tsaya a 192,000, sai dai ta rage aikin ko ta ƙara nata kason. Shi ya sa ya kamata a yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi tun a matakin farko, duk da cewa ba a nemi a miƙa shi ba.

Takardun da ake haɗawa

Jerin takardu ya fi sauƙin haɗawa, amma yana buƙatar gurabe uku da jerin kuɗi ba ya buƙata: a wane mataki ake neman takardar, wa zai sa mata hannu, kuma kwana nawa samo ta zai ci. Na ƙarshen nan shi ke tsara aiki. Kasafi da jadawalin manufa a ofis ake rubuta su, ana iya kwana a kansu. Fom ɗin bayanan asusu kuwa yana jiran hatimin banki ko takardar bayanin asusu ta kwanan nan. Takardar wakilci, wadda kowace ƙungiyar haɗin gwiwa ke ba wa ƙungiya jagora izinin nema da sunanta, tana jiran sa hannun shugaban da wataƙila ya yi tafiya. Ana jera takardun ne daga mai cin lokaci zuwa mai sauƙi, ba bisa tsarin haruffa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da aka saba nema ya haɗa da tsarin mulkin ƙungiya da shaidar rajistarta, wadda a Najeriya Hukumar Rajistar Kamfanoni ke bayarwa. Fom ɗin shaidar matsayin ƙungiya a doka. Bayanin asusun shekarar da aka rufe. Da takardar rantsuwa cewa ƙungiya ba ta cikin waɗanda aka haramta wa tallafi saboda zamba, fatara ko ƙin biyan haraji. Idan tallafin ya haura Yuro 750,000, ana ƙara rahoton odita na waje. Ƙungiyar da ke cikin misalin can ba ta kai nan ba, amma layin ya kamata ya zauna a jadawali da alamar "bai shafe mu ba", domin mai dubawa na biyu ya san an gani, ba mantawa aka yi ba.

Wasu takardun ƙungiya jagora kaɗai ke kawowa, wasu kuma kowace abokiyar nema sai ta kawo nata. Don haka jadawalin yana buƙatar gurbi ga kowace ƙungiya. Nema da abokai biyu yana nufin tsarin mulki uku da takardar rantsuwa uku. Takardar da aka rubuta da harshen da ba na Tarayyar ba, kamar tsarin mulkin da ke Hausa ko Larabci, sai an haɗa da fassarar sassan da ke nuna cancanta.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne saɓanin suna. Sunan da ke kan shaidar rajista, da na asusun banki, da wanda aka rubuta a fom, dole su zama ɗaya harafi da harafi. Ƙungiyoyi da yawa an fi sanin su da gajeren suna, har ma'aikatansu kan manta cikakken. Layi guda da ke cewa a ajiye takardun uku gefe da gefe a karanta sunan yana maganin wannan. Haka adadin kuɗin da aka nema: yana fitowa a fom, da kasafi, da shafin intanet, kuma gyaran minti na ƙarshe yakan taɓa wuri ɗaya ya bar biyu.

Dokokin siffa ma sharuɗɗa ne. Fom ɗin taƙaitaccen bayani yakan ƙayyade yawan shafuka da girman rubutu, ba a karɓar rubutun hannu, kuma ƙa'idojin kan ce kada a haɗa ƙarin takardu. Hotunan ayyukan baya da wasiƙun yabo da ake tsammanin za su burge, ba a miƙa su ga masu ba da maki.

Ranaku da gyare-gyare

Rajista tana zuwa kafin miƙawa. Shekaru da dama ana yin ta a PADOR, inda ƙungiya ke samun lambarta, sannan a miƙa buƙata ta PROSPECT. Sanarwar ce ke faɗin shafin da za a bi, kuma abokan nema su ma sai sun yi tasu rajistar. Wa'adin da agogon Brussels ake faɗinsa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu ɗaya ne da na Kano da Yamai, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da awa ɗaya. Ƙarfe 12 na rana a sanarwar watan Yuni ƙarfe 11 ne a nan, kuma da agogon gida ya kamata a rubuta shi a jadawali.

Yayin tsamo sharuɗɗa, wasu layuka za su ƙi amsuwa da i ko a'a saboda jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu. Ana ware su a aika a matsayin tambaya. A bisa tsarin da aka saba, ana karɓar tambayoyi har zuwa kwana 21 kafin wa'adi, amsoshi kuma suna fitowa aƙalla kwana 11 kafinsa, a wallafe inda kowa zai gani. Ba a amsa tambayar "shin ƙungiyarmu ta cancanta?", don kada a fifita wani; wadda ake amsawa ita ce mai nuna sashe ta nemi a fayyace ma'anarsa. Amsoshin da aka ba wa wasu ma abin karantawa ne, kuma a shafin ne ake sanar da gyaran ƙa'idoji, wanda kan sauya wa'adi ko ya maye fom da sabo. Don haka jadawalin yana ɗauke da kwanan watan takardar da aka tsamo shi daga ciki, da sunan wanda zai riƙa leƙa shafin.

Dubawar ƙarshe ba wanda ya rubuta buƙatar ke yin ta ba. Wani dabam ne zai ɗauki jadawalin, ya buɗe ainihin fayil ɗin da za a ɗora, ya ga sa hannun da idonsa kafin ya sa alama. Fom ɗin nema yana da nasa gajeren jerin dubawa a ƙarshe, wanda shi ne masu tantancewa ke bi a matakin farko. Ana kwatanta shi da na ƙungiya, duk layin da ke can babu a nan a ƙara shi.

Idan an samu tallafin, ɓangaren kuɗi na jadawalin yana komawa hannun akanta, gurbin hujja kuma ya zama jerin abin da za a adana ga kowane layi: rasit, takardun farashin da aka kwatanta kafin saye, takardar halartar taro mai sa hannun mahalarta, tikitin tafiya. Yarjejeniyar ta wajabta ajiye waɗannan shekara biyar bayan biyan cikon ƙarshe, ko shekara uku idan tallafin bai wuce Yuro 60,000 ba.